Laraba, Ƙarfe Biyu

Yayana mai gyaran keken ɗinki ne. Shekara talatin da wani abu ke nan yana zaune a shago ɗaya a layin teloli, tsakanin mai sayar da zare da shagona, kuma duk layin Likita ake ce masa. Ni kaɗai nake ce masa Yaya, ni kaɗai kuma nake iya gaya masa gaskiya, don mutum ne da in ya kafe a kan magana sai dai ka gaji ka bar shi. Ni tela ce, kayan mata nake ɗinkawa. Bango ɗaya ne tsakaninmu, bangon ma na katako, har tarinsa ina ji.

Shagon nasa bai fi taku huɗu ba. Kawunan kekuna jere a kan kanta, kowanne da 'yar takarda ɗaure a wuya, gwangwanayen madara cike da kusoshi da allurai, da ƙanshin man keke da ya kama har rigunansa na fita. A can kusurwa akwai wani tsohon baƙin keke na ƙafa da ba ya sayarwa, ba ya kuma bari a ɗora masa komai. A kansa 'yarsa ta koyi aiki.

Ita kaɗai Allah ya ba shi. Sunan mahaifiyarmu aka sa mata, saboda haka bai taɓa kiran sunan ba, Uwata yake ce mata. Mahaifiyarta ta rasu tana shekara tara, daga nan shagon ya zama gidanta na biyu. In an tashi daga makaranta nan take zuwa, ta zauna a kan akwatin kayan aiki tana miƙa masa sukundireba. Tana ƙarama bakinta ba ya iya faɗin kwarkwaro, ɗan abin nan da ake naɗe zaren ƙasa a jikinsa a cusa cikin ƙoshiya, wato gidansa da ke ƙarƙashin allura. Sai ta raɗa masa jinjiri, wai don kullum a goye yake a cikin uwarsa. Sunan ya zauna tsakaninsu su biyu. In aka kawo keke yana cukurkuɗe zare, kafin Yaya ya taɓa komai sai ka ji ta ce a duba jinjiri tukuna.

Ta girma ta fi shi hannu. Wannan ni na faɗa, shi ba zai taɓa faɗa ba. Kekunan zamani masu wuta da yake yi wa kallon raini, ita buɗe su take yi kamar tana ɓare gyaɗa. Da ta kai ashirin da biyar sai ta sami aiki a wata babbar masana'antar ɗinki a wata ƙasa, aikin kula da injina. Yaya ya riga ya sa an rubuta sabon allo na ƙofar shago, ya sa an bar fili a ƙasa don sunanta. Ranar da ta gaya masa, ina jin su ta bangon nan. Ta yi ta lallashi, tana cewa shekara biyu ce ko uku. Shi kuwa bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi. Cewa ya yi, "In kin tafi, kada ki neme ni."

Ta tafi, kuma ba ta neme shi ba. Jininsa ce, me ake jira? Ni take nema. Takan turo min saƙon murya, ta tambayi ƙafata mai ciwo, ta tambayi 'ya'yana, daga ƙarshe ta ce, "Gwaggo, kowa lafiya?" Na san wa ake nufi da kowa. Amma tun farko ta sa na yi alkawari ba zan shiga tsakani ba, shi ma in na ɗauko zancenta sai ya kunna injin wasa wuƙa. Shekara uku muka yi a haka, ina tsakiya kamar bangon katakon nan.

Maganar buɗe tashar bidiyo a intanet ni na kawo ta, a cikin shekarun nan. Na gaji da ganin teloli suna zuwa yana yi musu bayani iri ɗaya sau goma a rana: allura ta karkace, zaren sama ya yi tauri, ba a zuba mai. Ni da ma ina saka hotunan ɗinkina a waya, na ɗan san kan abin. Na ce ya bari in riƙa ɗaukarsa yana aiki, mu saka a tashar bidiyo, wanda kekensa ya lalace a nesa ya gani ya gyara. Ya ce shi ba ɗan wasan kwaikwayo ba ne. Na ce ai ba fuskarsa ake so ba, wa zai biya kuɗin data don ya ga wannan fuska, hannunsa kawai za a nuna. Ya yi dariya, ya yarda.

Abin mamaki, mutane suka so shi. Yaya ba ya gaggawa, ba ya cika baki, yana yi wa keke magana kamar marar lafiya. A cikin shekara guda mabiyan tashar suka haura dubu biyu. Ya sayi tabarau da abin ɗora waya mai ƙafa uku, ya koyi saka bidiyo da kansa. Mutumin da a da bai iya ajiye lamba a waya ba, sai ga shi yana gyara mini yadda zan riƙe tawa.

Da masu kallo suka yi yawa, sai wani jadawali ya fito a shafin da manhajar ke nuna wa mai tasha alƙaluman tasharsa. Kwanakin mako bakwai a jere, awoyin yini a gefe, kowace awa da ɗan akwatinta mai launin shunayya. Inda launin ya yi duhu, lokacin ne mutanenka suka fi yawa a kan manhajar, ko kai suke kallo ko wani. Inda ya yi fari-fari, ba kowa sosai. Kwana ashirin da takwas na baya yake duba, kullum yana zubar da tsohuwar rana ya ɗauki sabuwa. Ba ya nuna sunan kowa. Na yi wa Yaya wannan bayanin a tsaye, almakashi a hannu, mai kaya tana jirana a shago. Namu jadawalin a fili yake: teloli ne, da rana suna kan keke, sai daga bakwai na yamma zuwa tara launin yake yin duhu, ranar hutun ƙarshen mako ya fi kowace rana. Muka tsayar da cewa zai riƙa sakin bidiyo ƙarfe biyar ranar hutun, kafin jama'a su hau ya riga ya zauna yana jiransu. Hakan ya yi kyau, muka yi watanni a kai.

Wata safiya na ji shiru ta bangon. Ba tari, ba ƙarar ƙarfe. Na leƙa na same shi zaune, waya a hannu, tabarau a kan hanci. Ya saka bidiyo a kan keken da ke tara zare a ƙasa, ya yi dogon bayani a kan ɗaure zaren sama. A ƙarƙashi, cikin masu sharhi, wani mai suna Zare Biyu, ba hoto ba komai, ya rubuta layi ɗaya: “A duba jinjiri tukuna.”

Na karanta, na dube shi. Ya karɓi wayarsa ya sa a aljihu, ya ce mutane da shisshigi suke. Amma ranar nan keke ɗaya ya riƙe tun safe har la'asar, yana kwancewa yana ɗaurewa. Ni kuwa na koma shagona na ɗinke hannun riga a baibai.

Bai ba da amsa a ƙarƙashin sharhin ba. Na ce ya rubuta ko da sannu ce. Ya ce a rubuce magana ba ta da fuska, kuma ba zai buɗe cikinsa a inda mutum dubu biyu za su zo su karanta har abada ba. Ban ja ba. Bayan mako biyu sai ya ce min yana so ya fara shiri kai tsaye, irin wanda mutum ke aiki a gaban waya mutane suna kallo a daidai lokacin, suna rubuto tambaya yana amsawa da baki. Na yi murna, na ce wannan kam lokaci shi ne komai. Bidiyon da aka ajiye, ko bayan wata shida wanda kekensa ya lalace zai nemo shi ya samu, amma kai tsaye in mutane ba sa nan to kai da bango za ku yi hira. Na ce mu sa ranar hutu ƙarfe takwas, inda launin ya fi duhu.

Ya ce a'a. Laraba, sha ɗaya na safe.

Na ɗauka wasa yake. Na buɗe jadawalin na nuna masa Laraba sha ɗaya, fari fat kamar alli. Na ce wane tela ne zai bar keke da hantsi ya zo ya zura maka ido? Ya ce shi dai lokacin ya yi masa. Na ce to ai ba kai za ka kalli kanka ba. Ya kunna injin wasa wuƙa.

Laraba ta farko mutum huɗu suka shigo, ɗaya ni ce daga bayan bango. Ya yi awa guda cur yana gyaran wani keke, kowane minti biyu sai ya ɗaga kai ya dubi wayar. A shirin kai tsaye adadin masu kallo kawai kake gani a sama, ba ka sanin ko su wane ne sai wanda ya yi rubutu. Wani ya rubuto yana tambayar kuɗin allura. Wani ya ce sauti ba ya fita. Sha biyu ta yi ya ce a gafarce shi, ya kashe.

Laraba ta biyu ya sa riga mai tsabta. Na lura har ya goge tsohon baƙin keken nan ya jawo shi inda zai fito a bayansa. Mutum shida. Ta uku mutum uku. Na fara jin haushi na gaske, don kwanakin nan ya daina saka bidiyonsa na ranar hutu, duk hankalinsa ya koma kan wannan Larabar marar amfani. Mutanen da muka tara da wahala suna tambaya ko Likita ba shi da lafiya. Na gaya masa maganganu. Na ce tsufa ne ya fara taɓa shi, na ce in taurin kai sana'a ne da tuni ya gina bene. Bai tanka ba, kuma rashin tankawar ya fi damuna, don Yaya ba ya barin bashin magana. Ya rame. Abincin da nake aiko masa rabi yake dawowa.

Bayan Laraba ta huɗu, ya naɗe abin ɗora wayar ya jingina a bayan ƙofa. Ya ce min ya gama, tashar ma in ina so in riƙe. Sannan ya tafi kai wani keke gidan mai shi, ya ce in kula masa da shago.

Ban shiga don bincike ba, Allah ya sani. Alli na je nema. A cikin aljihun teburinsa na ga littafin da yake zana sassan keke, a buɗe. Ya zana jadawalin nan da hannunsa, kwana bakwai, awa-awa, ya yi wa akwatunan duhu da fensir daidai yadda suke a waya. Ba sau ɗaya ba, shafi bayan shafi, kowane mako da nasa. A kowane shafi ya kewaye wuri ɗaya da jan biro: Laraba, daga biyu zuwa huɗu na rana. Na ciro wayata na shiga tashar na duba. Lallai akwai wani ɗan tabo a wurin, bai kai duhun yamma ba, amma ya fi na kewayensa. Ni da nake taƙama na iya, ban taɓa ganinsa ba, don ni inda ya fi duhu kawai nake kallo.

A gefen shafin ya rubuta sunan ƙasar da 'yarsa take, da adadin da ya kwafo daga inda ake nuna ƙasashen masu kallo: kusan mutum ɗaya cikin biyar daga can suke. Mu da ba mu san kowa a can ba sai mutum ɗaya. Ashe yarinyar nan ta bi abokan aikinta ɗaya bayan ɗaya ta sa su bin tashar ubanta. A ƙasa kuma ga lissafinsa, da rubutunsa mai kama da ƙafar kaza. Suna gabanmu da awa uku. Biyu na rana a can, a cire uku, sha ɗaya na safe a nan.

Na zauna a kan akwatin kayan aiki da littafin a hannu. Wato duk wannan wata guda ba da teloli yake ba. Mutum ɗaya ya yi wa shimfiɗa, yana sa riga mai tsabta yana jira ta shigo ta ce wani abu, ya amsa mata da bakinsa. Ta ƙi zuwa sau huɗu, a ganinsa. Ni kuma ina bayan bango ina ce masa tsoho mai taurin kai. Na ji kunya, na ji tausayinsa.

Sai kuma wani abu ya tsaya min a rai. Biyu na rana. Na buɗe saƙonnin da take turo min na bi su ɗaya-ɗaya. Kusan duka ranar Laraba ne, kuma biyu da 'yan mintuna, biyu da rabi, uku saura, da agogon wayata. Ta taɓa gaya min cewa Laraba ce kaɗai ranar da ba a riƙe su ƙarin aiki, biyar na yamma suke tashi, su karɓi wayoyinsu daga akwatin ajiya su hau motar ma'aikata. Sauran ranaku sai takwas nasu, wato biyar namu, lokacin da mutanenmu ma sun fara hawa, shi ya sa ba a ganin tabonsu daban. Biyar nasu, biyu namu. Na koma kan jadawalin, na ƙura ido a saman, ga shi nan da ƙananan haruffa waɗanda ban taɓa damuwa in karanta masa ba: awoyin da agogon mai wayar ake nuna su. Manhajar ta riga ta yi lissafin. Yaya ya zo ya sake cire awa uku a kan abin da aka riga aka cire. Sha ɗayan da yake zama, ita tana tsakiyar aiki, wayarta a kulle.

Da ya dawo ya gan ni da littafin, fuskarsa ta canja. Kafin ya buɗe baki na ce ya zauna, yau ni ce likita. Na nuna masa ƙananan haruffan, na nuna masa lokutan saƙonninta, ban kunna ko ɗaya ba, don alkawari alkawari ne. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce shi ya ɗauka kowa da agogonsa ake rubuta shi, tunda mutum da agogon garinsu yake hawa. Na ce tunani ne mai kyau, sai dai ba haka ba ne, kuma laifina ne da na koya masa abu a tsaye.

Ya jawo littafin ya sake duba lissafinsa. Can ya ce, "Ashe taimin ne ya goce."

Wanda ba tela ba ba zai gane ba. A cikin keke, allura takan sauka da zaren sama, in ta fara ɗagowa kaɗan sai bakin ƙugiyar ƙoshiya ya zo wucewa daidai saman idonta ya ɗauki zaren. In ƙugiya ta riga allura, ko ta makara da ƙiris, ba za su haɗu ba. Keken zai yi ta gudu, allura lafiya, ƙugiya lafiya, amma ɗinki ba ya kamawa. Wannan haɗuwar ake kira taimin, kuma duk layin nan ba wanda ya kai Yaya iya saita shi.

Ya tambaye ni ko tabon yana nan. Na ce yana nan, amma ya fara dusashewa, ya gwada shafin farko na littafinsa da na yau ya gani. Wata guda ba sabon bidiyo, sanarwar shirin kuma tana isa gare su suna bakin aiki, mutanen can sun fara sakin tashar, kuma jadawalin kwana ashirin da takwas kawai yake tunawa. Ya ce to a sa wannan Larabar. Muka tsara shirin tun ranar Asabar don sanarwa ta fita da wuri, kowa ya gan ta da agogon garinsu. Da zai rubuta kan shirin ya yi ta gogewa. Daga ƙarshe ya sa: Gyaran tsohon keken gida.

Ranar Laraba na rufe shagona tun ɗaya da rabi, na ce wa masu kaya ƙafata ce ta tashi. Ya ɗora baƙin keken a tsakiya. Ya ce in zauna a gefe in riƙa karanta masa abin da aka rubuto, wai idonsa ba ya gani daga nesa. Ƙarfe biyu ya danna.

Mutum biyu. Biyar. Biyu da minti goma sai adadin ya fara tafiya, goma sha ɗaya, ashirin, talatin da huɗu. Aka fara rubuto gaisuwa, wasu da harshen da ban iya karantawa ba. Na ce masa motar ma'aikata ta tashi. Bai dube ni ba. Ya fara bayani, ya ce wannan keke ya girmi yawancin masu kallo, shekara uku ba a taka shi ba, yau za a ga ko yana da sauran rai. Ya zuba mai, ya sa allura, ya naɗe zare a kwarkwaro. Ya cusa ƙoshiya, ya sa ƙyalle, ya taka.

Zare ya cukurkuɗe a ƙasa. Ya yanke, ya sake takawa, ya sake cukurkuɗewa. Ya taɓa abin ɗaure zaren sama, ya sassauta, ya ƙara. Gumi ya keto masa. Likita guda, a gaban mutum arba'in, keken gidansa ya gagare shi. Masu kallo suka shiga ba da shawara, wani ya ce allura ce, wani ya ce a canja zare. Ina karanta masa, ina neman suna ɗaya, babu. Biyu da rabi ta wuce. Na fara tunanin ko ni ma na yi nawa kuskuren, na ɗaga wa bawan Allah rai a banza.

Sai ga shi ya fito a ƙasan allon. Zare Biyu. Na juya na karanta masa.

"Yaya, an rubuto. An ce, Baba, jinjirin a juye yake."

Ya tsaya cak. Ya sa hannu a hankali ya zaro ƙoshiya, ya fito da kwarkwaron ya duba. A juye yake kuwa, zaren yana warwarowa ta inda bai kamata ba, kuskuren da ko ɗan koyo na mako guda ba ya yi. Har yau ban sani ba ko ruɗewa ce ko da gangan ya yi, na tambaye shi ya ce in bar shi ya ji da aikinsa. Ya juya shi, ya mayar, ya taka. Ɗinki ya tafi sumul, keken yana wannan ƙara tasa mai daɗi da na shekara uku ban ji ta bango ba.

Ya ɗaga kai ya dubi wayar sosai, ya manta da cewa hannu kawai ake nunawa, ya sunkuyo har fuskarsa ta cika allon.

"Uwata," ya ce. "Na ce kada ki neme ni. Ban ce ni ba zan neme ki ba. Wata guda ina nemanki, lissafi ne ya ɓace min." Sannan ya ce, "Kin ci abinci?"

Mutum arba'in da bakwai suna kallo, ba wanda ya rubuta komai. Na zura wa allon ido har ya fara yi min ruwa-ruwa. Can amsa ta zo, na karanta masa: “Ban ci ba tukuna, Baba. Muna mota.”

Ya ce to in ta sauka ta ci. Ya koma kan keken ya ƙarasa bayaninsa, yana cewa mutane su riƙa lura da ta inda zare yake fitowa.

Da yamma ta turo min saƙo, rabinsa kuka ne. Ta ce duk sanarwar nan huɗu ta gan su, bayan an gama. Ta ɗauka ya gane ita ce Zare Biyu, shi ya sa ya zaɓi lokacin da ya tabbata ba za ta samu ba. Na ce ku biyun nan Allah ya shirye ku, kun kusa kashe ni.

Ba ta dawo ba. Kwantiraginta da saura, kuma ban san ko in ya ƙare za ta dawo ɗin ba, ita ma ina jin ba ta sani ba. Suna waya yanzu jefi-jefi, amma a waya duk su biyun sai su rasa abin faɗa, minti uku sun yi sallama. A gaban keke ne kawai bakinsu yake buɗewa. Saboda haka kowace Laraba ƙarfe biyu Yaya yana nan da rigarsa mai tsabta. Ya koma saka bidiyon ranar hutu saboda teloli, amma shirin kai tsaye ya ƙi matsar da shi, duk da na nuna masa cewa da takwas na yamma zai tara ninki biyar. Filin nan na ƙasan allon ƙofa yana nan ba a rubuta komai ba.

Wani lokaci aiki yakan riƙe ta, awar ta wuce Zare Biyu bai fito ba. Ranar ba ya cin abincin kirki. Washegari da safe sai in ji shiru ta bango, in leƙa in gan shi da littafinsa da fensir, yana kwafe jadawalin sabon mako akwati-akwati, yana duba ko tabon ya matsa. Ta ce masa wata mai zuwa za a canja musu lokacin tashi, ba a faɗa musu zuwa yaushe ba. Na ce ai sai ya tambaye ta in an faɗa, ba sai ya wahalar da idonsa ba. Ya ce zai tambaya. Ya ci gaba da zanensa, ya ce in miƙo masa jan biro.